Kebbi da Ogun a Jadawali Ɗaya: Yadda Ake Karanta Alƙaluman Ilimi da Tsawon Rai a Shiyyoyin Najeriya

A rahoton binciken yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar kuma aka fi saninsa da NDHS, akwai jadawalin da ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa a jihar Kebbi, 252 ba sa kai wa shekara biyar. A jihar Ogun kuwa 30 ne. Wani jadawalin ya ce a shiyyar Arewa maso Yamma kashi 29 cikin ɗari ne kawai na mata masu shekara 15 zuwa 49 suka iya karatu, alhali a Kudu maso Yamma sun kai kusan kashi 81. Duk sanda irin waɗannan alƙaluma suka fito, mutanenmu kan rabu gida biyu. Wasu su ɗauka su yi ta yaɗawa ba tare da sun san abin da aka auna ba, wasu kuma su ce ƙarya ce, an shirya ne don a ci mutuncin Arewa. Ɓangarorin biyu duk ba su buɗe rahoton ba. Wanda ya buɗe zai ga cewa iya karatu da zuwa makaranta da tsawon rai abubuwa uku ne da aka auna ta hanyoyi uku, kowanne yana ba da labarin wani zamani daban, kuma ƙorafin da ya dace da ɗaya bai dace da ɗaya ba.

Farko dai, ba a bi kowa gida an tambaye shi ba. Ƙidayar ƙarshe da Najeriya ta yi ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya. Tun daga nan, kusan duk abin da muka sani game da bambancin shiyyoyi daga binciken gidaje yake fitowa. Manyansu biyu ne: NDHS, da kuma MICS wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa take yi tare da UNICEF. A NDHS na 2018 an zaɓi ƙananan yankuna kusan 1,400 a faɗin ƙasa, a kowanne aka ɗauki gida 30, aka yi hira da mata 41,821 da maza 13,311 a gidaje dubu arba'in da ɗoriya. Wannan adadi ya wadatar a yi magana kan ƙasa baki ɗaya da kan shiyyoyi shida. Idan aka raba shi ga jihohi 36 da Abuja, kowace jiha za ta tashi da gida dubu ɗaya da 'yan kai. Mu riƙe wannan lissafi, domin zai yi mana amfani a gaba.

Batun iya karatu shi ne ya fi jawo gardama. Ga yadda aka yi gwajin a 2018: ma'aikaciyar bincike ta zauna da matar gida, ta tambaye ta zurfin karatunta. Idan ta wuce sakandare, sai a rubuta ta iya karatu ba tare da an gwada ba. Idan ba ta wuce ba, sai a miƙa mata kati mai ɗauke da gajerun jimloli, a ce ta karanta ɗaya. In ta karanta duka, ko ma wani ɓangare na jimlar, an lissafa ta cikin waɗanda suka iya. Ba a gwada rubutu, ba a tambayar ko ta gane ma'anar abin da ta karanta. Wato ma'aunin mai sauƙi ne ƙwarai, kuma duk da sauƙinsa sakamakon ƙasa baki ɗaya ya tsaya a kashi 53 ga mata, 72 ga maza. Arewa maso Gabas ta samu kusan 32 ga mata, Arewa ta Tsakiya kusan 50, shiyyoyin Kudu uku kuwa duk suna kusa da 80.

Nan ne malamin tsangaya zai ɗaga hannu, kuma yana da gaskiya. Gwajin na karatun boko ne. Matar da ta sauke Alƙur'ani, take karanta waƙoƙin wa'azi da ajami, za ta iya kallon katin nan ta kasa furta ko harafi, sai a sanya ta a sahu ɗaya da wadda ba ta taɓa riƙe allo ba. Hukumar Ƙididdiga da kanta ta nuna girman wannan al'amari a binciken iya karatu na ƙasa da ta yi a 2010. Da aka tambayi manya ko sun iya karatu da Turanci, kusan kashi 58 suka amsa. Da aka ce da kowane harshe, adadin ya haura zuwa kusan 72. Sauya tambaya kaɗai ya ƙara kashi 14. Sai dai a lura, wancan bincike tambaya ce aka yi, mutum ya faɗa da bakinsa, kuma mutane kan ƙara wa kansu daraja a gaban baƙo. Don haka wanda ya ɗauko adadin wata jiha daga binciken 2010 ya jera shi da na wata jiha daga binciken 2018, ya auna hatsin ɗaya da tiya, na ɗaya da mudu, sannan ya ce wane ya fi wane.

A ganina, ƙorafin ajami ya nuna cewa sunan da aka sa wa jadawalin ya yi masa yawa, amma bai rushe abin da ke cikinsa ba. Bai dace a kira mai karatun ajami jahili ba. Amma takardar maganin da aka ba ta a asibiti, da katin rigakafin ɗanta, da saƙon banki a wayarta, duk da boko suke zuwa, kuma wannan shi ne abin da jadawalin ya auna. Akwai kuma abin da ke cikin jadawalin wanda ajami ba zai bayyana shi ba. A Arewa maso Yamma maza kashi 59 sun karanta katin, mata 29, tazarar 30. A Kudu maso Yamma maza 89, mata 81, tazarar 8. Maza da matan Arewa maso Yamma ai gari ɗaya suke, tarihi ɗaya suka gada. Wannan tazara a cikin gida aka haife ta.

Sai a tuna cewa iya karatun manya tarihi yake faɗa, ba halin yau ba. Matar da take da shekara 45 a 2018 an haife ta wajen 1973, kuma ta isa shiga firamare jim kaɗan bayan fara shirin ilimin firamare ga kowa na 1976. Abin da aka yi ko aka ƙi yi a ƙauyensu a lokacin shi ne ya bayyana a jadawalin. Tarihin ma ya wuce nan. Makarantun mishan sun fara a gaɓar teku tun shekarun 1840, an buɗe makarantar sakandare a Legas a 1859, yayin da makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano sai a 1909 ta soma. Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955. Saboda haka gwamnan da ya hau bara ba shi ya jawo adadin ba, kuma ba zai iya sauya shi cikin shekara huɗu ba. Wanda yake son ya ga ko ana motsi, sai ya duba layin masu shekara 15 zuwa 24 kaɗai. Ko a nan a yi hattara da sauyin ƙa'ida: a binciken NDHS na 2013 duk wanda ya shiga sakandare an ɗauka ya iya karatu, a 2018 kuwa sai da aka miƙa masa kati. Adadin maza ya sauka daga 75 zuwa 72 tsakanin binciken biyu, kuma mai yiwuwa wani ɓangare na saukar daga tsaurara gwajin ne.

Zuwa makaranta shi ne yake faɗin halin yau, amma shi ma hanyoyin ƙirga shi biyu ne. Ta farko rajista ce: ma'aikatar ilimi ta tattara sunayen da ke littafin kowace makaranta, ta raba da yawan yaran da ake kyautata zaton suna jihar. Kowane ɓangare na wannan lissafi yana da rauni. Littafin rajista kan ɗauki sunan yaron da ya daina zuwa tun zangon farko, musamman inda rabon kayan aiki ko abinci ya dogara da yawan sunaye. Yawan yaran jihar kuma hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2006. Hanya ta biyu ita ce a shiga gida a tambayi mai gida ko wane ya je makaranta a wannan shekarar karatu. Ita ta fi dacewa da kwatanta shiyyoyi, domin tambaya ɗaya aka yi a Argungu da Abeokuta, kuma yaran da aka ƙirga su ne aka raba da su. Rauninta shi ne, yaron da ya je makaranta mako biyu sannan ya koma gona da damina ana lissafa shi cikin masu zuwa.

Ta wannan hanya ta biyu, binciken MICS na 2021 ya nuna cewa wajen ɗaya cikin huɗu na yaran da suka isa firamare a Najeriya ba sa makaranta. A Kebbi kashi 65 ne, a Zamfara da Bauchi 61, a Ekiti 2, a Imo 1. Yaron da yake makarantar allo kaɗai, inda ba a koyar da boko da lissafi, hukuma tana sa shi cikin waɗanda ba sa makaranta. Don haka kashi 65 na Kebbi ba ya nufin duk yaran nan suna zaune a gida hannu rabbana. Yana nufin ba sa ajin da zai kai su jarrabawar da ake neman aiki ko gurbin jami'a da ita. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 wannan ajin ta wajabta har shekara tara, kuma da shi ake aunawa.

Kuskuren da ya fi yawa a jaridu shi ne cakuɗa kaso da adadi. A ɗauka, don misali kawai, wata jiha tana da yara miliyan 4, kashi 30 ba sa makaranta, wato miliyan 1.2. Wata kuma tana da yara miliyan ɗaya da rabi, kashi 65 ba sa zuwa, wato 975,000. Ta farko za ta hau saman jerin idan da adadi aka jera, ta biyu kuma idan da kaso aka jera. Wanda zai gina ajujuwa adadi yake bukata. Wanda yake son sanin inda yaro ya fi fuskantar haɗarin rasa makaranta kaso yake bukata. Haka ma saɓanin da ake ji kan yawan yaran da ba sa makaranta a Najeriya, tsakanin miliyan goma da ɗoriya da kuma miliyan 20 da hukumar UNESCO ta bayar a 2022: na farko 'yan firamare ya ƙirga, na biyu ya haɗa har da masu shekara 18. Sannan shiga aji ba shi ne koyo ba. Binciken 2021 ɗin ya gwada yara masu shekara 7 zuwa 14 da ɗan gajeren labari da tambayoyi a kansa, kashi 27 kacal suka tsallake a ƙasa baki ɗaya. Wannan adadi ya yi ƙasa da yadda za a ce matsalar Arewa ce kaɗai.

Tsawon rai shi ne adadin da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Idan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsawon ran ɗan Najeriya wajen shekara 54 ne, ba tana nufin mai shekara 50 ya fara shirin barin duniya ba. Lissafi ne da ke cewa, idan yanayin mace-macen yau ya ɗore, jariran da aka haifa yau za su rayu shekara kaza a matsakaici. A matsakaici irin wannan, jaririn da ya rasu yana wata shida yana jan adadin ƙasa fiye da yadda tsoho mai shekara tamanin zai ɗaga shi.

Bari mu yi lissafin da alƙaluman 2018. A Arewa maso Yamma yara 187 cikin 1,000 ke rasuwa kafin shekara biyar, a Kudu maso Yamma 62. Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi, cewa a shiyyoyin biyu duk wanda ya tsallake shekara biyar zai kai 65, waɗanda suka rasu kuma sun rayu shekara ɗaya da rabi a matsakaici. A Arewa maso Yamma, mutum 813 sau 65 ya ba da shekaru 52,845, a ƙara 187 sau ɗaya da rabi, wato wajen 280, a raba da dubu: shekara 53. A Kudu maso Yamma, 938 sau 65 ya ba da 60,970, a ƙara 93, a raba da dubu: shekara 61. Tazarar shekara takwas ke nan, alhali mun ƙaddara cewa manyan shiyyoyin biyu rai ɗaya suke yi. Idan aka maimaita da Kebbi da Ogun, za a samu 49 da 63. Shi ya sa mai yawan zuwa ɗaurin aure a Katsina, yana ganin dattawa masu furfura jere a kan tabarma, zai ce adadin ƙarya ne. Waɗanda suka ja shi ƙasa ba su kai shekarun zama a kan tabarmar ba.

Abin da ya kamata a sani shi ne, babu wanda ya auna tsawon rai na kowace jiha kai tsaye. Hakan na bukatar a rubuta kowace mutuwa da shekarun mamacin, mu kuwa mafi yawan mamatanmu ana yi musu sutura cikin 'yan sa'o'i ba tare da wata takarda ta shiga ofis ba. Don haka masana suna ɗaukar mutuwar yara, wadda aka fi sani, su ɗora ta a kan jadawalin da aka gina daga wasu ƙasashe, su yi hasashen ta manya. Ko a matakin ƙasa hasashen kan bambanta: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Najeriya sama da shekara 62, yayin da sashen ƙididdigar jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ta ƙasa da 55. In haka ne ga ƙasa guda, to jerin da ke cewa wannan jiha 51.3, waccan 52.1, bai cancanci a yi musu a kansa ba. Wanda yake son kwatanta shiyyoyi gara ya tsaya kan mutuwar yara, domin ita aka tambaya aka rubuta.

Ita ma tana da nata ramukan. Ana tambayar uwa ta lissafa duk 'ya'yan da ta haifa, ɗaya bayan ɗaya, da wanda yake raye da wanda ya rasu, da shekarunsa lokacin da ya rasu. Duk wanda ya san gidajenmu ya san wahalar wannan hira. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta son kama sunansa. Jaririn da ya koma kafin ranar suna, wasu ba sa sa shi cikin lissafi tunda ba a raɗa masa suna ba. Da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba, sai a yi ta kirdado da azumi ko babbar salla ko shekarar ambaliya. Matar da ta rasu wajen haihuwa kuwa babu mai yin hira da ita, 'ya'yanta ba za su shiga jadawalin ba. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan kurakurai rage adadin mutuwa suke yi. Idan akwai kuskure a 187 na Arewa maso Yamma, ya fi yiwuwa a ce an rage ne da a ce an ƙara. Nan kuma babu maganar ajami ko boko. Yaron da ya rasu ya rasu.

Yanzu a dawo kan gida dubu ɗaya na kowace jiha. Mutuwar yara, duk yawanta, ba ta faruwa a kowane gida kowace shekara, don haka sai masu binciken suka haɗa shekara goma kafin su fitar da adadin shiyya ko jiha. Wato 252 na Kebbi labarin 2008 zuwa 2018 ne, ba na 2018 kaɗai ba. Na Ogun kuma, 30 cikin dubu, an gina shi ne a kan mace-mace 'yan ƙalilan, ta yadda da an zaɓi wasu ƙauyuka dabam adadin zai iya motsawa sosai. A ƙarshen rahoton akwai shafukan da ke nuna iyakar wannan motsi ga manyan alƙaluma, kuma su ne shafukan da ba a karantawa. Tazarar Kebbi da Ogun ta fi ƙarfin a ce dace ne. Amma jihohi biyu da ke kusa da juna a jerin, ɗaya 187 ɗaya 189, babu wanda zai iya rantsuwa cewa ɗaya ta fi ɗaya.

Haka nan ba a tsallaka daga wannan bincike zuwa wancan. NDHS ya ba da 128 a 2013, 132 a 2018, 110 a zagayen 2023 zuwa 2024. MICS ya ba da 120 a zagayen 2016 zuwa 2017, sannan 102 a 2021. Wanda ya jera su bisa shekara zai ga adadin yana sauka yana hawa kamar wani abu na faruwa duk bayan shekara biyu. Wanda ya raba su layi biyu zai ga kowane layi ya ƙare ƙasa da inda ya faro.

Akwai wani jadawalin a rahoton 2018 da nake ganin ya fi na shiyyoyi amfani. Yaran da uwarsu ba ta yi boko ba, 170 cikin dubu ke rasuwa kafin shekara biyar, waɗanda uwarsu ta wuce sakandare kuwa 56. A gidajen da suka fi talauci 173, a waɗanda suka fi wadata 53. Wannan ya nuna cewa kalmar shiyya tana ɓoye abubuwa da yawa a cikinta: yawan mutanen karkara, talauci, nisan asibiti, karatun uwa. Ba zai yiwu a ce karatun uwa kaɗai ne ya ceci yaran ba, domin wadda ta yi karatu sau da yawa ita ce ke birni, kusa da asibiti, a gidan da ke da abin hannu. Amma ya isa ya nuna cewa 'yar ma'aikaci a Kaduna ta fi kusa da takwararta ta Ibadan a kan 'yar manomi da ke ƙauyen da bai wuce tafiyar sa'a biyu daga gidansu ba. Ga kuma ƙaura: ana ƙirga mutum ne inda yake zaune, don haka ɗan Gusau da ya gama jami'a ya koma Abuja ya ƙara wa Abuja maki.

Daga ƙarshe akwai waɗanda binciken bai kai gare su ba. Almajirin da ke kwana a zauren malam a wani gari zai iya faɗawa tsakani, gidan iyayensa ba su lissafa shi ba tunda ba ya nan, inda yake kuma ba lalle a ɗauke shi ɗan gida ba. Makiyaya masu tashi ma haka. A jihar Borno, rahoton 2018 ya faɗa ƙarara cewa an cire ƙananan hukumomi 11 cikin 27 saboda rashin tsaro. Wuraren da ma'aikacin bincike ba zai iya shiga ba su ne wuraren da malamin makaranta da mai allurar rigakafi ma ba sa shiga. Don haka 134 da aka rubuta wa Arewa maso Gabas a mutuwar yara, wanda ya sa ta yi kamar ta fi Arewa maso Yamma sauƙi da nisa, adadi ne na yankunan da aka samu hanyar zuwa.